Na yanke sunan mai hoto a hoton kayan da na ɗinka, yanzu ya ce sai na biya

Assalamu alaikum Anti. Ni tela ce a Kano, ina ɗinkin kayan amare. Wata kwastoma ta turo min hotunanta na ranar kamu sanye da rigar da na ɗinka mata, ta ce in saka a fejina in ina so. A ƙasan hoton akwai sunan mai hoton da lambarsa, ni kuma na ga yana ɓata min tsari sai na datse wajen na ɗora sunan shagona na yi fostin a Instagram. Jiya mai hoton ya min magana wai ko in sauke ko in biya shi dubu hamsin, in ba haka ba zai kai ƙara. Anti kayan nawa ne, amarya ta biya shi kuɗinsa cas, ita ta ba ni hoton da hannunta. Ina laifina a nan dan Allah?

Wa alaikumus salam ƙanwata.

Bari in fara da wajen da ba zai miki daɗi ba don mu wuce shi da wuri. Yaron nan yana da gaskiya. Ban ce dubu hamsin ɗin da ya yanka dole ce a kanki ba, wannan ciniki ne kuma za mu zo kansa, amma a kan asalin maganar shi ke da gaskiya, kuma sai kin yarda da hakan kafin ki iya fita daga rigimar da mutuncinki.

A hoton nan guda ɗaya mutum uku ne ke da haƙƙi, kowa da nasa daban, shi ya sa kanki ya ɗaure. Rigar aikinki ce. Fuska da jikin da ke cikin rigar na amarya ne. Shi kuma hoton kansa, yadda aka tsaida ta, inda haske ya faɗo a kan leshin, daƙiƙar da aka danna, awannin da aka kwashe ana gyaran kala a kwamfuta, wannan na mai kyamara ne. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda ake kira dokar 2022 duk da sai a watan Maris na 2023 Buhari ya sa mata hannu, ta ce wanda ya ɗauki hoto shi ne mawallafin hoton kuma a hannunsa haƙƙin yake fara sauka. Ba sai ya yi rajista a ko'ina ba, ba sai ya buga tambari ba ma. Da ya danna shikenan ya mallaka, kuma kariyar tana kaiwa shekara 50 bayan ƙarshen shekarar da hoton ya fara fita ga jama'a. Kin ga ke nan ko da ace babu suna ko ɗaya a jikin hoton, ba na tsintuwa ba ne. Sunan da ya saka sanarwa ce kawai, kamar yadda ake rubuta "wannan filin ba na sayarwa ba ne" a jikin katanga, filin yana da mai shi tun kafin a yi rubutun.

Toh kuɗin da amarya ta biya fa, me ta saya da su? Nan ne kusan kowa ke faɗawa rami, har masu hoton kansu da yawa ba su san amsar ba. Sashe na 28 na dokar ya yi magana a kan daidai irin wannan, wato mutum ya ɗauko mai hoto don sha'aninsa na gida kamar biki ko suna. In babu wata yarjejeniya daban tsakaninsu, wanda ya ba da aikin yana da izinin amfani da hotunan a abin da ba kasuwanci ba. Ta wanke ta rataya a falo, ta tura wa dangin miji, ta sa a sitatus, ta yi albam, duk nata ne babu mai ce mata don me. Amma izinin a nan ya tsaya, a bakin ƙofar kasuwanci. Fejinki kuma shago ne ƙanwata, duk hoton da kika ɗora a can talla ce, don wata amaryar ta gani ta kira ki kika saka. Amarya ba za ta iya ba ki abin da ita kanta ba ta da shi ba. Kamar 'yar haya ce ta ce miki zo ki buɗe shago a zauren gidan, da zuciya ɗaya ta faɗa, amma ba ita ce mai gidan ba.

Da za a ce ta sayi hotunan gaba ɗaya har da haƙƙinsu, to da sai an ga takarda, domin doka ta ce mallaka wa wani haƙƙi dungurungum ba ya tabbata sai a rubuce. Izini na yau da kullum shi ne ake iya bayarwa da baki, ko a fahimce shi daga yadda mutane ke mu'amala. Ki tambaye ta ko akwai wani abu da suka rubuta, ko da a cikin hirarsu ta WhatsApp ne lokacin da suke ciniki. Wasu masu hoton suna cewa tun farko "mai kwalliya da tela da mai ɗaurin kallabi su saka amma su yi tagin ɗina". In akwai irin wannan saƙon, saka hoton da kika yi ba laifi ba ne, saura maganar suna kawai.

Maganar sunan kuma ita ce ta fi zafi, kuma ina ganin ita ta tunzura shi ba kuɗin ba. Ki duba bikin da kika halarta kwanan nan, mai kwalliya ta ɗauki hoton amarya ta saka, mai dekoreshan ya saka, mai kek ta saka, kuma da wuya ki ji mai hoto ya ce uffan matuƙar sunansa na nan a kusurwa, don ta nan yake samun aiki na gaba. Yawancinsu ba su da allon talla a titi, wannan ɗan rubutun shi ne allon nasu. Ke sai kika cire allon nasa kika kafa naki a wajen.

A doka wannan abu biyu ya taɓa. Na farko sashe na 14, haƙƙin da mai aiki yake da shi na a danganta aikinsa gare shi, da na hana a sauya aikin ko a yanka shi ta yadda zai taɓa masa suna. Wannan haƙƙin manne yake da mutum, ba a sayar da shi yana raye, ko da ya sayar da hoton kansa ga wani kamfani yana nan da ikon cewa ni na ɗauka. Ba kuma Najeriya ce ta ƙirƙiro shi ba, yana cikin yarjejeniyar Berne da ƙasar nan ta shiga a 1993, shi ya sa in kika tsallaka Maraɗi ko Damagaram ma za ki tarar da irinsa. Na biyu kuma sabuwar dokar ta zo da hani na musamman a kan mutum da saninsa ya cire ko ya sauya bayanan da ke nuna mai aiki a jikin kwafin da ke yawo a waya da kwamfuta, irin su suna da sharuɗɗan amfani, ba da izinin mai shi ba.

Akwai kuma wani abu da nake so ki riƙe sosai. Doka tana sassauta wa wanda ya yi amfani da aikin wani alhali bai sani ba kuma ba shi da dalilin zargin cewa akwai haƙƙin wani a kai, irin wannan ba a ɗora masa diyya, sai dai a nemi ribar da ya samu. A ɗaya ɓangaren kuma kotu na iya ƙara diyya in ta ga an yi abin da gangan ido buɗe. Toh ke da wane baki za ki ce ban sani ba, bayan sunan na nan ɓaro-ɓaro kin sa yatsa kin ja layi ta samansa? Datsewar nan ita ta rufe miki ƙofar uzurin. Da kin bar sunan da laifin ɗaya ne, ƙarami, irin wanda "yi haƙuri" ke kashewa.

Kar ki ce min ai ana cewa akwai amfanin da doka ta yafe. Akwai shi, sashe na 20, amma na wasu abubuwa ne daban, kamar amfanin kai na cikin gida, ko bincike da ba na neman kuɗi ba, ko sharhi da suka, ko rahoton labarai. Tallar shago ba ta ciki. Kuma ko ɗan jaridar da ya saka hoto a rahoto doka ta ce ya ambaci mai shi in da hali, ba ta ce ya goge ba.

Na san akwai masu ce miki ki musanta kawai, ki ce haka aka turo miki, ko ki ce ƙanwarki ce ta ɗauka da waya. Dan Allah kar ki soma. Shi yana da asalin hoton yadda ya fito daga kyamara, babban fayil ɗin nan da suke kira RAW wanda ba sa ba kwastoma, a cikinsa akwai rana da lokaci da irin kyamara da gilashin da aka yi amfani da shi, sau da yawa har lambar kyamarar. Yana da hoton da ya ɗauka daƙiƙa ɗaya kafin wannan da wanda ya biyo baya, amarya ta ɗan juya kai, ta lumshe ido. Kuma nasa ya fi naki faɗi, akwai ƙasan rigar da kafet ɗin da ke naki babu. Ana ajiye biyun gefe da gefe magana ta ƙare, mai cikakke shi ne mai shi. Masu goge tambari da manhaja maimakon yankewa ma ba su tsira ba, musamman a kan leshi, don zanen furen yana karyewa a wajen ko ya maimaita kansa, wanda ya san aiki yana zuƙowa zai gani.

Amma bari in yi adalci, don ba kowace yankewa ce mugunta ba, ni kaina ta taɓa faruwa da ni a hoton wani taro. Kyamarorin masu hoton biki yawanci suna fitar da hoto a ma'aunin 2:3 in a tsaye ne, misali faɗi 4000 tsawo 6000. Ma'aunin tsaye da aka daɗe ana amfani da shi a Instagram kuma 4:5 ne, wato faɗi 4000 ba zai ɗauki tsawon da ya wuce 5000 ba. Kin ga 1000 sai ta tafi, kashi ɗaya cikin shida na tsawon hoton, kuma in kika bar manhajar ta yanka da kanta rabi za ta ɗebe a sama rabi a ƙasa, suna kuma a ƙasan yake zama. Mutum sai ya yi fostin bai ma lura ba. Maganinsa sauƙi ne, ki ja hoton yadda abin da zai tafi zai fita daga sama inda silin ne ko labule, ko ki ɗora hoton a kan farin bango yadda zai shiga duka, in kuma dole sai ƙasan ya tafi to ki rubuta sunansa a layin farko na bayanin hoton ki yi tagin ɗinsa, kuma ki sanar da shi kafin ya gani da kansa. Na faɗi wannan don gaba ne da kuma sauran masu karatu. Ke dai ba za ki fake da shi ba tunda kin ɗora sunan shagonki a gurbin.

Kuma ki lura, rubuta sunan mai hoto ba ya zama izini. Mutane suna ɗauko hoton wani su rubuta "haƙƙin mallaka na mai shi ne" su ɗauka sun wanke kansu. Ambaton suna abu ɗaya ne, neman izini abu ne daban, mai kasuwanci yana buƙatar duka biyun.

Yanzu me zai iya yi miki da gaske? Kotu tana nan, amma shari'ar haƙƙin mallaka Babbar Kotun Tarayya ce ke saurarenta, kuma kuɗin lauya kaɗai zai haɗiye dubu hamsin ɗin tun kafin a zauna, don haka ban cika jin tsoron wannan ba duk da yana da damar. Yana iya kai koke Hukumar Kula da Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, NCC. Amma abin da ya fi kusa, wanda zai iya yi yau da daddare yana kwance a kan katifarsa ko sisi bai kashe ba, shi ne ya cike fom ɗin ƙorafin haƙƙin mallaka na Instagram. Suna sauke fostin, kuma ƙa'idarsu ce suna rufe shafin da ake ta kawo ƙorafi a kansa. Ki tuna shekara nawa kika yi kina tara mabiyan nan. Sannan ki tuna harkar biki a Kano duk girmanta da'ira ɗaya ce, masu hoto sun san juna, suna da guruf-guruf ɗinsu, su ne kuma amare ke tambaya "wa ka sani da ya iya ɗinki". Ba kya son sikirinshot ɗinki yana yawo a can.

Ga abin da zan yi in ni ce. Yau ɗin nan ki sauke fostin. Ba sai kin goge ba, ki danna Archive ya ɓoyu, don in kun daidaita wataƙila ki buƙaci kwanan wata da abin da kika rubuta. In kin saka a sitatus ko TikTok ko kin buga a takardar talla, duk ki janye. Sai ki kira shi, kira ba rubutu ba, don rubutu ba ya ɗaukar murya kuma a irin wannan yanayin kowace kalma ana karanta ta da fushi. Ki ce masa Malam na sauke, na yi kuskure da na cire sunanka, ban kyauta ba. Kar ki haɗa da "amma ai kayana ne", wannan amma ɗin ita ke rusa ban haƙuri. Daga nan ki ce kina son ki mayar da hoton da sunansa cikakke da tagin, nawa zai karɓa, ko zai yarda ku yi musaya.

Musayar nan kar ki raina ta. Ke kina da abin da yake buƙata, amare suna zuwa wajenki watanni kafin biki, tun ba su nemi mai hoto ba. Shi kuma yana da abin da kike buƙata, don ki faɗi gaskiya hoton da kike ɗauka da waya a shago a jikin mutum-mutumi ba ya sayar da riga kamar nasa, in da yana yi ai da ba ki ɗauko nasa ba. Da yawa irin wannan rigimar a nan take ƙarewa, ya riƙa turo miki hotuna biyu ko uku daga kowane bikin da kuka haɗu, ke kuma kina ambatonsa. In ya dage sai kuɗi, ki yi ciniki kamar yadda kike yi a Kwari, ki nuna masa kwana nawa hoton ya yi a sama kuma kin sauke da ya yi magana, ki biya abin da kuka tsaya a kai. Ni a ganina biyan wani abu daidai ne, ko ba yawa, don kin ci moriyar aikinsa. Duk abin da kuka yanke ya rubuto miki a WhatsApp da kalmominsa, wane hoto, a ina za ki saka, har yaushe, kuma maganar baya ta wuce. Layi uku ya isa. In kuma takarda ta zo daga lauya to kar ki amsa da kanki, ki nemi naki lauyan ya duba.

In kina son hoto marar tambari nan gaba, ki tambaya kai tsaye. Da yawansu suna da farashi biyu, mai suna da marar suna, kuma su turo miki ta Document yadda WhatsApp ba zai matse shi ya dusashe ba. Wanda ya fi ma, in kin gama riga mai kyau ki ɗauko mai hoto da kuɗinki ku yi zama na musamman, ku rubuta tun farko cewa na talla ne kuma sunan shagonki zai hau kai. Ko a nan ɗin ki sani biyan kuɗi kaɗai bai mayar da hoton naki ba sai an rubuta hakan.

Wata za ta ce wannan duk dokar Nasara ce. A'a. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a 1988 ta yanke cewa haƙƙin wallafa da ƙirƙira da sunan kasuwanci haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare, bai halatta a keta su ba. Ke ma ai kin san zafin, ranar da kika ga rigar da kika kwana uku kina jera wa duwatsu a fejin wata tela an rubuta "aikinmu", ba sai an karanto miki sashe ba.

Saura amarya. Kar ki jefa ta a tsakiya, kar ki ce masa ai ita ta ce in saka je ka ka tambaye ta, yarinya tana sabon gida ba ta buƙatar wannan. Amma ki sani ita ma dokar ta ba ta nata makamin a wannan sashe na 28 ɗin, tana da ikon hana a wallafa ko a baza hotunan da ta ba da aikinsu, har shi mai hoton bai isa ya saka fuskarta a fejinsa ba in ta ce a'a. Saboda haka kafin ki mayar da fostin, bayan kin samu amincewarsa, ki sake komawa wajenta ki tabbatar har yanzu ta yarda, kuma ki tambaye ta ko angon ya sani, don izinin da aka bayar ana cikin hidimar biki ba lallai ya kai bayan tarewa ba. In ta ce a rufe fuska, ki koma wajen mai hoton ya yanka miki daga wuya zuwa ƙasa da hannunsa, ya mayar da sunansa inda zai zauna daidai.